Wata shida ko kwana bakwai? Kalma ɗaya ce a takardar haya take raba su

Duk wanda ya ɗan daɗe a Legas ya taɓa jin wannan maganar, a majalisa ko a bakin masallaci ko wajen mai shayi: "ai ni ɗan shekara ne, ko mai gida zai tashe ni sai ya ba ni notis na wata shida." Ana faɗinta da ƙarfin gwiwa sosai kamar wani abu ne da gwamnati ta rubuta a goshin kowane gida. Nima haka na yi ta faɗa shekara da shekaru. To gaskiyar magana rabinta ne daidai, ɗaya rabin kuma shi ne ya kusa sa wani maƙwabcina kwana a shago da mata da 'ya'ya uku, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na fahimta, in kuma faɗi inda ni na tsaya.

Haya iri biyu ce a idon doka, duk da a aljihunka iri ɗaya ce tunda duk kuɗin shekara ka ƙirga ka bayar. Akwai haya mai wa'adi, wadda lauyoyi ke cewa fikis tam, wato an rubuta ranar shiga an rubuta ranar fita, idan ranar ta zo hayar ta mutu da kanta ba sai wani ya ce komai ba. Akwai kuma haya mai juyawa, ta wata-wata ko ta shekara-shekara, ita ba ta da ranar mutuwa, shekara na ƙarewa wata ta ɗora, haka za ta yi ta tafiya har sai ɗayanku ya ba ɗayan notis yadda doka ta ce. Wata shidan nan da muke tinƙaho da shi na mai haya ta biyun ne kawai, shi ma in ta shekara-shekara ce. Mai ta farkon ba shi da shi ko kwana ɗaya.

Bari in kawo labarin yadda ya faru don a fi ganewa.

Gidan da nake a lokacin a Agege yake, fulat huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa. Ni na shiga tun 1 ga Yuli 2019, lokacin Baba mai gidan da kansa yake karɓar kuɗi, dattijo Bayarabe mai sauƙin kai, ba wani agirimen mai shafi goma, takarda ce guda ɗaya da ta ce ina biyan kaza duk shekara, sai rasit da yake rubuta min da biro duk lokacin da na biya. Maƙwabcina na ƙasa, ɗan uwa ne daga Sakkwato yana harkar albasa a Mile 12, shi ya shigo 1 ga Maris 2023, lokacin Baba jiki ya yi nauyi ya miƙa gidan ga ɗansa, ɗan kuma ya kawo ejan da lauya. Sai aka ba shi agirimen mai kyau an buga shi da kwamfuta har da jan tambari, ya biya haya dubu 800, ejan dubu 80, kuɗin agirimen dubu 80, koshin, wato kuɗin ajiya na ko da za a yi ɓarna a gidan, dubu 50. Na tuna ranar ya hau sama ya nuna min takardar yana murmushi ya ce "Malam ka ga ni tawa mai ƙarfi ce, kai fa wannan fallen takardar taka ko ƙosai ba za a naɗe da ita ba." Muka yi dariya. Wallahi har na ɗan ji kishi, don ni ma gani nake wanda lauya ya rubuta wa ya fi ni tsaro.

A watan Maris na 2024 ɗan Baba ya yanke shawarar zai gyara gidan gaba ɗaya ya sa tayil ya ninka kuɗi, yana son kowa ya fita. Rana ɗaya aka kawo mana takardu. Tawa ta ce kwit notis, in fita zuwa 30 ga Satumba. Ta maƙwabcina ta ce an ba shi kwana bakwai, in bai fita ba mai gida zai nufi kotu ya karɓi gidansa. Gida ɗaya, kuɗi ɗaya, mai gida ɗaya, ni wata shida da 'yan kwanaki, shi sati guda.

Ya hawo sama ransa a ɓace ya ce ai wannan zalunci ne, don sun ga shi ba ya jin turanci sosai ne. Muka ɗauki agirimen ɗin muka kai wa wani lauya da muke sallah tare, bai ko kai shafi na biyu ba ya ɗora yatsa a kan wani layi ya ce "Alhaji ga matsalarka nan." Layin yana cewa an ba shi gidan na tsawon shekara ɗaya tak, daga 1 ga Maris 2023 zuwa 29 ga Fabrairu 2024. A turancinsu suna rubuta wan yiya sannan su biyo da wata kalma da ake furtawa satin, da harafin c take farawa, ma'anarta tabbatacce, ba ƙari ba ragi. Lauyan ya ce mana mu riƙe ta da Hausa kawai, duk inda ka ga "satin" a takardar haya to sati ɗaya ke jiranka a ƙarshe. Mun yi dariya amma shi mai albasa bai yi ba.

Abin da doka ta ce kenan, ba ƙirƙirar ɗan Baba ba ce. Dokar haya ta jihar Legas ta 2011, wadda Fashola ya sa wa hannu lokacin yana gwamna, a sashe na 13 ta jera tsawon notis idan ba ku rubuta wani abu daban a tsakaninku ba: mai biyan wata-wata wata ɗaya, mai biyan wata uku-uku ko wata shida-shida wata uku, mai biyan shekara-shekara wata shida. Sai a ƙasa ta ce idan haya ce mai wa'adi kuma wa'adin ya cika, ba a buƙatar wani kwit notis kwata-kwata, abin da kawai mai gida zai ba ka shi ne takardar kwana bakwai ta cewa zai je kotu. Shikenan. Hayar maƙwabcina ta ƙare tun daren 29 ga Fabrairu, kwanakin da ya ƙara a Maris duk zaman alfarma yake yi bai sani ba.

Af, kafin in manta, wannan dokar ba ta shafi Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA ba, an cire su tun a farkonta. Amma mu da muke Agege da Idi-Araba da Ketu da Mushin da Ojo da Ikorodu duk muna ciki.

Yanzu ga ra'ayina, kuma ba zan yi kwana-kwana ba. Ga mai iyali da ya zo Legas da niyyar zama, haya mai wa'adin shekara ɗaya ita ce mafi muni a cikin duk zaɓin da ake da su, kuma ita ce ejan-ejan suka fi miƙo mana yanzu. Dalilina ɗaya ne. Duk amfanin da ake cewa haya mai wa'adi tana da shi, wato ba za a tashe ka a tsakiya ba kuma ba za a ƙara maka kuɗi a tsakiya ba, to ɗan shekara-shekara ma da ya biya kuɗinsa gaba yana da shi. Ni da na biya daga Yuli zuwa Yuni, ba notis ɗin da zai iya katse min shekarar da na riga na biya in dai ban karya wani sharaɗi ba, dole ranar ƙarewar notis ta faɗo a ƙarshen shekarata ko bayanta. To me mai wa'adin shekara ɗaya ya fi ni da shi? Babu. A cikin shekara mu ɗaya ne, amma in za a tashe mu ni sai an ba ni notis na wata shida, shi kuwa kwana bakwai gare shi. Ya biya lauya dubu 80 an rubuta masa takardar da ta cire masa kariyar da zai samu kyauta da bai sa hannu a komai ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Kuma a lura wata shida a Legas ba ƙaramin abu ba ne. Wanda bai taɓa neman gida a garin nan ba zai ce ai sati biyu ya isa. Ina! Kafin ka samu ejan na gaskiya ka biya kuɗin zagayawa ya kai ka gida biyar duk ba ruwa ko unguwar tana ambaliya da damina, kafin ka samu mai gidan da zai yarda da kai, don mu faɗa wa juna gaskiya akwai waɗanda da sun ji sunanka sun ga hularka za su ce an riga an kama, kafin ka haɗa kuɗin shekara da na ejan da na agirimen da koshin a dunƙule, ga makarantar yara da ka riga ka biya kuɗin zango, ga islamiyya, ga nisan kasuwa. Mutumin da ke fita Mile 12 tun kafin asuba in ka jefa shi wata unguwa mai nisa ka kashe masa sana'a. Wata shida shi ne bambancin tsakanin ka zaɓi gida da kuma ka faɗa duk ramin da ka samu. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma kwana bakwai dole ranar tafiyar za ka fafe.

Sai dai akwai wata ƙarya da mu ma 'yan haya muke yaɗawa, wai wata shidan kyauta ne, ka zauna ba ka biyan ko kwabo. Ba haka ba ne. Ni shekarata ta ƙare 30 ga Yuni, notis ya kai 30 ga Satumba, wata uku kenan a sama, kuma sai da na biya su. Dubu 800 ka raba gida 12 ya ba ka dubu 66 da ɗari shida da wani abu a wata, wata uku dubu 200 cif. Na biya na karɓi rasit. In ka ƙi biya kotu za ta ɗora maka shi a matsayin bashi, kuma duk kwanan da ka ƙara bayan notis ya ƙare shi ma akwai kuɗinsa da ake lissafawa a kan mizanin hayar. Notis lokaci yake ba ka, ba gida kyauta ba. Da can ma akwai wata dabara da 'yan haya ke fakewa da ita, wai dole notis ya ƙare daidai ranar zagayowar shekararka, in ya kuskure ko da kwana ɗaya ne a sake sabo. Dokar 2011 ta toshe wannan, ta ce zai iya ƙarewa ranar da hayar ta cika ko bayanta. Shi ya sa nawa da aka ba ni a Maris ya ƙare a Satumba kuma lafiyarsa ƙalau. Sannan a 2021 Kotun Ƙoli a shari'ar Pillars da Desbordes ta nuna cewa ɗan kuskure a notis ba zai zama mafakar da ɗan haya zai yi ta jan shari'a da ita shekara da shekaru ba. Don haka wanda ke shirin ya rayu a kan kuskuren lauyan mai gida, ya sake lissafi.

Shi kuma maƙwabcina, kwana bakwai ba yana nufin rana ta takwas a zo a watso masa kaya waje ba, wannan ma mutane da yawa ba su sani ba sai tsoro ya sa su kwashe cikin dare. Takardar gargaɗi ce kawai cewa za a je kotu. Kotu ce kaɗai za ta ba da umarnin a fitar da mutum, kuma ma'aikatanta ne ke aiwatarwa. Mai gidan da ya cire rufi ko ya ɓalle ƙofa ko ya turo 'yan daba su tsorata ka, laifi ya yi a dokar nan, sashe na 44, tara har dubu 250 ko ɗaurin wata shida. To amma lauyan ya gaya masa gaskiya, ya ce "Alhaji in an je kotu za ka samu lokaci, amma ba za ka yi nasara ba, ba ka da abin kare kanka, kuma duk watan da ka ƙara ana lissafa maka, ga kuɗin lauya ga zirga-zirga." Ya ba shi shawara a je sulhu. Akwai cibiyar sulhu ta gwamnatin jiha a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a da ke sasanta irin wannan rigimar kyauta, amma mu ba mu kai can ba ma, dattawan unguwa biyu muka ɗauka muka je wajen Baba da kansa. Baba yana kwance a doguwar kujera ya saurare mu, ya kira ɗan a waya, suka yi ta Yarabanci, a ƙarshe aka ba shi zuwa ƙarshen Yuni ya biya na wata huɗu. Alfarma ce fa, ba haƙƙi ba. Da Baba ya riga mu gidan gaskiya kafin lokacin da ban san yadda za ta kaya ba.

Wani abu da lauyan ya faɗa wanda ya tsaya min a rai. Ya ce da a ce maƙwabcina ya tura kuɗin sabuwar shekara bayan wa'adin ya cika, mai gida kuma ya karɓa ya ba shi rasit na shekara ba tare da an sake sabon agirimen ba, to galibi kotu za ta ɗauke shi ya koma ɗan shekara-shekara, wata shidansa ya dawo. Ashe shi ya sa tun Fabrairu da ya nemi ya biya ejan ke ta ce masa "bari tukuna oga bai ba da lambar akawun ba." Shi yana murna an ɗaga masa ƙafa, ashe su sun san abin da suke yi. Wannan alama ce babba, duk ranar da ka ga mai gida a Legas yana gudun kuɗi to ba tsoron Allah ne ya kama shi ba. Haka kuma in ka ga duk shekara ana kawo maka sabuwar takarda ka sa hannu, ana cewa ai sabuntawa ce kawai, duba ta da kyau, yawanci sabon wa'adin shekara ɗaya ake ɗaura maka don kada ka taɓa zama ɗan shekara-shekara ko da ka shekara goma a gidan.

To kar a ce na ɗora wa masu gida laifi duka. Na zauna da wani Alhaji ɗan uwanmu da ke da gidaje biyu a Idi-Araba, ya ce min "Malam kai ba ka san abin da muke gani ba." Ya ba ni labarin wanda ya daina biya, aka ba shi notis, aka je kotu, aka yi ta ɗage zama, mutumin na zaune a gidan yana shan iska shi kuma yana biyan lauya. Ya ce tun daga nan ya rantse ba zai ƙara ba kowa gida ba sai da wa'adi. Na fahimce shi wallahi, mutum ya tara guminsa ya gina gida don tsufansa, ba zai so wani ya riƙe masa shi da wasan takarda ba. Amma abin da na ce masa shi ne, wa'adin bai cece shi daga kotu ba, ko da wa'adi ko babu in mutum ya ƙi fita sai an je gaban majistare, abin da wa'adin ya cire masa kawai shi ne jiran wata shidan farko. Mugun ɗan haya zai zauna ko an ba shi kwana bakwai ko wata shida. Wanda kwana bakwan ke cutarwa shi ne mai kunya, wanda da ya ga takardar lauya jikinsa zai hau rawa ya fara ɗaure katifa. Wato maganin da aka haɗa don ɓarawo, mai gaskiya ne ke shan ɗacinsa.

Ban ce haya mai wa'adi ba ta da rana ba. Tana da ita a wuri biyu. Na farko wanda ya san ranar tafiyarsa, ɗan bautar ƙasa, ko wanda kamfani ya turo aikin shekara guda, ko ɗan ci-rani da zai koma gida in damina ta faɗi, shi wa'adi ya fi masa, ranar na cika ya miƙa makulli ya nemi koshin ɗinsa ba wanda zai ce ai ba ka ba mu notis ba. Don kar a manta notis ɗin nan kaifi biyu gare shi, ɗan shekara-shekara ma in zai tashi ana sa ran ya sanar da wuri, ba wai ya sulale ranar da kuɗinsa ya ƙare ba. Sai dai shi ma mai wa'adin ya sani in ya tashi a wata na biyar ba lallai a mayar masa da ragowar kuɗinsa ba, sai in an rubuta hakan, ko mai gida ya ga dama. Na biyu kuma wa'adi mai tsawo, shekara biyu ko uku, da kuɗin haya a rubuce ba zai motsa ba, ana biya shekara-shekara. Wannan kam ya fi haya mai juyawa nesa ba kusa ba a wannan zamanin da kuɗin gida ke tashi kamar farashin tumatir, domin raunin ɗan shekara-shekara kenan, duk zagayowar shekara ana iya zuwa masa da sabon farashi. E doka ta ba ɗan haya damar ya kai ƙara kotu in ƙarin ya wuce hankali, sashe na 37, kuma ba za a tashe shi ba har a gama shari'ar, amma mu faɗi gaskiya mutum nawa ne a cikinmu zai kai mai gidansa kotu sannan ya dawo su ci gaba da gaisawa a bakin get?

Matsalar wa'adi mai tsawo ita ce in ka nema sai a ce to kawo kuɗin shekara biyu a dunƙule. Wannan kuma dokar ta hana, sashe na 4, sabon ɗan haya ba a karɓar fiye da na shekara ɗaya a hannunsa, kuma mai bayarwa da mai karɓa duk sun yi laifi, tara dubu 100 ko wata uku a gidan yari. Kowa ya san ana yi duk da haka. Amma tsawon wa'adi daban, yadda ake biya daban, ana iya rubuta shekara uku a riƙa biya duk shekara, mutane ne ke haɗa su wuri ɗaya.

Akwai kuma 'yan uwanmu da ke ɗaki ɗaya a gidajen fes-mi-ai-fes-yu, su tasu rigimar daban ce. Za a ce maka ɗaki dubu 25 a wata amma kawo na shekara. Ka ba da dubu 300, kana ganin kai ɗan shekara ne. Ranar rigima mai gida ya ce a'a ɗan wata ne, ya dai biya wata 12 gaba, notis ɗinsa wata ɗaya. Doka ta ce in ba wata hujja, ana duba yadda ake biya ko yadda ake neman kuɗin ne a gane irin hayar, to ka ga a nan abin da aka rubuta a rasit shi ne zai yi magana. In rasit ya ce kuɗin hayar shekara ɗaya daga kaza zuwa kaza, ka samu abin riƙewa. In ya ce dubu 25 sau 12, ka buɗe masa ƙofa. Kuma ba da rasit dole ne a kan mai gida, ba alfarma ba ce, amma mu sai kunya ta hana mu tambaya, a tura kuɗi ta waya a ce "na gani Allah ya sa albarka" shikenan. Wasu ma kiyateka suke ba kuɗi a hannu ba shaida ba komai.

Sai wani tarko na ƙarshe wanda ni kaina na kusa faɗawa. Wata shidan nan doka ta ce sai in ba ku yi wata yarjejeniya a kan notis ba. Wato ana iya rubuta maka cewa kai ɗan shekara-shekara ne, ka ji daɗi, sai can a shafi na huɗu a ce kowane ɓangare na iya kawo ƙarshen hayar da notis na wata ɗaya. In ka sa hannu, wata ɗayan ne naka, kotu abin da kuka rubuta za ta bi.

Da na samu gidan da nake ciki yanzu, ejan ya miƙo min agirimen a kan bonet ɗin mota da biro ya ce in sa hannu sauri yake akwai wani mai son gidan. Na ce ya ba ni kwana ɗaya. Ya ɓata rai ya ce duk mutane sa hannu suke ba sa wannan dogon turancin. Na ɗauki hoton shafukan da waya na tura wa lauyan nan, ko minti goma ba a yi ba ya kira ni yana dariya ya ce "Malam satin ɗinka na nan a layi na uku, ga kuma wata ɗaya a shafi na huɗu, duka biyun suka haɗa maka."

Washegari na ce ina son ganin mai gidan da kanta, wata Hajiya ce 'yar Ilori. Na gaishe ta na ce Mama ni ba rigima na zo da ita ba, yara gare ni a makaranta, abu biyu nake roƙo. Ko dai a mayar da ita haya ta shekara-shekara a bar notis yadda doka ta ajiye shi, ko in ana son wa'adin a bar shi amma a ƙara layi biyu, cewa ina da damar sabuntawa in ban ci bashi ba, kuma in ba za a sabunta min ba ko za a ƙara kuɗi a sanar da ni a rubuce tun kafin shekara ta ƙare. Ta ce wata shida ya yi mata yawa, an taɓa ƙona ta. Na ce to nawa za ta iya. Ta ce uku. Na ce Mama a sa huɗu. Ta kalli ejan, ejan ya kalli sama, ta ce a rubuta uku da rabi in ana rubuta rabi, muka yi dariya, aka tsaya a wata huɗu. Lauyanta ya gyara, aka sake bugawa, na karanta layin da bakina sau biyu kafin na sa hannu a kowane shafi, na karɓi kwafina da rasit mai cewa hayar shekara ɗaya.

Mai albasa yanzu yana wajen Ketu, ya fi kusa da kasuwa ma. Ran nan na je cefane na same shi a rumfa, ya jawo wata leda daga ƙarƙashin buhu ya fito da sabon agirimen ɗinsa duk ya yi warin albasa, ya buɗe shafin farko ya ce "Malam duba min nan, wannan kalmar mai c ɗin ce ko wata ce daban?"